Kashi sittin na wane albashi? Yadda ake gane abin da fansho zai maye

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina aiki a wani kamfani mai zaman kansa nan Maradi, baɗi zan cika shekara 30 ina aiki kuma in yi ritaya. A takardar albashina jimilla jika 330 ce, ana cire wa CNSS sefa 13,125, abin da ke shiga hannuna jika 290. An ce mini fanshona zai kai kashi 60 cikin ɗari. Ke nan jika 174 zan riƙa karɓa? Kuma yaya zan san ko zai riƙe mini gida?

Amsa: Alhaji, jika 174 ba za ta fito ba, ko da wanda ya ce maka kashi 60 bai yi ƙarya ba. Kuskuren yana wurin kuɗin da ka ɗora kason a kansa. Kai ka ɗora shi a kan abin da ke shiga aljihunka, asusun fansho na CNSS kuwa ba ya kallon aljihunka ko kaɗan. Yana kallon albashin da kamfani ya bayyana masa, wanda aka riƙa cire zubi a kansa wata bayan wata.

Abin da masana ke kira kason maye gurbin albashi lissafi ne mai sauƙi: fanshon wata guda, a raba shi da albashin wata guda na ƙarshe, a ninka da ɗari. Wahalar duk tana cikin kalmar "albashi", domin a takarda ɗaya tak kana da albashi iri uku. Akwai jimilla kafin a cire komai, akwai wanda ake zubi a kansa, akwai kuma wanda banki ke nuna maka ya shigo. Fansho ɗaya zai ba da kaso uku daban-daban gwargwadon wanda ka raba da shi. Shi ya sa duk wanda ya faɗa maka kaso, kafin ka yi murna ko ka damu, ka tambaye shi: kason me?

Mu fara da gano albashin da asusu ya sani. Lambar da ka kawo ta abin da ake cirewa ita ce mabuɗi. Kason ma'aikaci a reshen fansho na CNSS kashi 5.25 ne cikin ɗari. In ka raba 13,125 da 5.25 sannan ka ninka da ɗari, za ka samu 250,000 cif. Ke nan cikin jika 330 da aka rubuta maka, jika 250 ce kaɗai asusu ya sani. Sauran jika 80, ko kuɗin mai ne, ko na tafiye-tafiye, ko wani alawus da aka ajiye gefe, ba a zubi a kansu, don haka ranar lissafin fansho kamar ba a taɓa biyan ka su ba. Wannan gwaji na minti ɗaya ne, kuma ina ganin ya kamata kowane ma'aikaci ya yi shi tun yana ɗan shekara talatin, ba sai furfura ta fito ba. A nan sai ka duba da kyau mene ne cikin jika 80 ɗin. Kuɗin da ake mayar maka saboda abin da ka kashe a kan aiki, kamar kuɗin kwana in an aike ka Yamai ko Damagaram, daidai ne a bar shi waje. Amma in kuɗi ne da ake biyan ka kowane wata ba fashi, ko ka yi tafiya ko ba ka yi ba, aka sa masa sunan alawus don kamfani ya rage nasa zubin, to wannan magana ce da ya kamata ka kai ofishin CNSS ko wurin sufeton ƙwadago tun kana bakin aiki.

Ita ma jika 250 ɗin ba ita za a ɗauka kai tsaye ba. Ana ɗaukar matsakaicin albashin shekarun ƙarshe, uku ko biyar, wanda ya fi maka amfani. Mu ɗauka a shekara uku na ƙarshe an yi maka zubi a kan jika 230, sai 240, sai 250. Matsakaicinsu jika 240. Da da shekara biyar aka yi, kuma biyun da suka gabata jika 210 ne da 220, da matsakaicin ya sauka zuwa 230. Duk ma'aikacin da albashinsa ke hawa, matsakaici na ja masa baya, kuma wanda aka yi wa babban ƙarin girma wata shida kafin ritaya shi ya fi jin wannan a jikinsa, domin sabon albashin bai daɗe ba balle ya yi nauyi a lissafi.

Yanzu sai kashi 60 ɗin kansa. Wanda ya faɗa maka shi ya ninka shekara 30 ne da kashi 2 na kowace shekara. Mu bi shi a haka tukuna. Kashi 60 na jika 240 jika 144 ne. In ka gwada wannan da jika 290 da ka saba karɓa, bai cika rabi ba, kashi 50 ne saura kaɗan. In da jimillar 330 ka gwada shi, kashi 44 ne. Ga shi ba a taɓa komai ba, ba a samu ɓatan takarda ko ɗaya ba, amma sittin ta zama hamsin.

Inda aka fi yin asara shi ne ƙidayar shekaru. Asusu ba ya ƙirga ranar da ka fara zuwa aiki, yana ƙirga watannin da aka bayyana ka. Mutane da yawa sun yi shekarunsu na farko a matsayin ɗan wucin gadi, ana biyan su a hannu, ba lamba ba rajista. Wasu kuma an yi musu rajista, amma akwai shekarun da kamfani ya shiga matsi, ya cire kuɗin a takardar albashi bai kai shi ba, ko ya kai kuɗin a dunƙule ba tare da jerin sunayen ma'aikata ba, har aka rasa asusun wa za a zuba wa. In aka duba aka tarar shekara 26 ce a rubuce maimakon 30, kasonka ya koma 52. Kashi 52 na jika 240 sefa 124,800 ne, mu ce jika 125. Wannan kashi 43 ne na abin da ke shiga hannunka yau. Kowace shekara guda da ta ɓace tana cin sefa 4,800 a wata, har iyakar rayuwa.

Akwai tambaya ɗaya da za ka yi a ofishin da bakinka, kuma ka nemi a rubuta maka amsar: kaso nawa ake ba kowace shekara ta aikina, kuma duk shekarun farashinsu ɗaya ne? Dalili shi ne asusan fansho na ƙasashenmu masu amfani da sefa sun daɗe suna lissafi da kashi 1.33 a shekara, kuma in aka gyara doka aka ɗaga adadin, sau da yawa shekarun da aka yi kafin gyaran suna nan a tsohon farashi. A Kodebuwa, alal misali, shekarun da suka gabaci 2000 ana lissafa su da 1.33, na bayansu da 1.70. Ka ga bambancin da wannan ke kawowa: da a cikin shekara 26 ɗinka goma sha biyu za su tafi a 1.33, goma sha huɗu a 2, kason zai tsaya a 44, fansho kuma ya sauka wajen jika 105. Saboda haka kada ka gina shirinka a kan lissafin baki na abokin aiki. Ka nemi takardar tarihin zubinka, ka zauna da ita da tsofaffin takardun albashi, ka bi shekara bayan shekara da biro. Duk inda ka ga rami, takardar albashi mai nuna an cire maka, da takardar shaidar aiki, su ne hujjarka. Yin wannan kana da saura shekara guda ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, domin har yanzu kana shiga ofishin ma'aikata kullum, kuma suna jin nauyinka. Ka haɗa da duba ranar haihuwa: wanda takardarsa ta ce "an haife shi wajen shekara kaza" kuma shekarar ta saɓa tsakanin katin ɗan ƙasa da rajistar asusu, ko aka rubuta sunansa iri biyu, fayil ɗinsa na iya kwana watanni a kan tebur.

Abu biyu ba su shafe ka ba, amma sun shafi wasu masu karatu. Albashin da ake zubi a kansa yana da rufi, jika 500 a wata. Mai karɓar jika 900 da ya cika shekara 30 a kashi 2, jika 300 zai samu, wato sulusin albashinsa, don haka manyan ma'aikata su suka fi faɗowa daga sama. Wanda kuma zubinsa bai kai wata 180 ba, wato shekara 15, ba shi da fansho na wata-wata, kuɗi ne a dunƙule sau ɗaya. Ma'aikatan gwamnati da ke ƙarƙashin CARENI nasu tsarin daban ne, sai dai ramin iri ɗaya ne: ana lissafi a kan asalin albashin mataki, alawus ɗin muƙami kuwa yana tsayawa ranar da aka miƙa makullin ofis.

To, kashi 43 ko 50 ya isa? A nan mutane kan nemi lamba ɗaya da za su riƙe. Yarjejeniya mai lamba 102 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1952, ta sa kashi 40 bayan shekara 30 na zubi, wata ta 1967 mai lamba 128 ta ɗaga shi zuwa 45. In ka lura, 1.33 sau talatin shi ne arba'in ɗin nan. Amma wannan ƙasan ma'auni ne da ake auna kowace ƙasa da shi, don a ga ko tsarinta ya kai mafi ƙaranci. Ba a ce gidan Alhaji zai ƙoshi da shi ba. Za ka kuma ji ana cewa kashi 70 zuwa 80 ake bukata. Wannan ƙiyasi ya fito ne daga ƙasashen da mai ritaya yawanci shi da matarsa ne kaɗai a gida, yara sun kama gabansu, magani kuma akwai inshora. A Maradi mutum na iya cika shekara sittin yana da ɗa a firamare, da 'yan mata biyu da ba a aurar ba, da ɗiyan ƙaninsa marigayi a gidansa. A ganina lambar da ta fi amfani ita ce wadda za ka fitar daga kashe-kashen gidanka.

Ga yadda ake yi. Ka ɗauki wata uku kana rubuta duk abin da ya fita, har kuɗin cefane da na nika da katin waya, sannan ka raba su gida biyu: abin da zai tsaya ranar da aiki ya tsaya, da abin da zai ci gaba. Bari in zana misali da jika 290 ɗinka, kai kuma ka maye da naka na gaskiya. A ce bashin banki na cin jika 45, adashi 30, man babur na zuwa aiki 20, abincin rana a waje 10. Waɗannan jika 105 ne, kuma za su iya tsayawa. Sauran jika 185 su ne gida: abinci 95, makaranta 30, wuta da ruwa 25, 'yan uwa da biki da suna da gaisuwar rasuwa 25, magani 10. A kan wannan sai ka ƙara abin da zai hau. In kamfani ne ke ɗaukar wani ɓangare na kuɗin asibitinku, ranar ritaya wannan ya ƙare, kuma daidai shekarun da hawan jini da ciwon suga ke neman magani kowane wata ke nan. Mu mai da magani jika 25. Bukatarka ta zama jika 200.

Yanzu kana da lambobi biyu da za a iya gwadawa. Gidanka na bukatar kashi 69 na abin da kake karɓa yau, fansho zai ba da kashi 43. Da kuɗi tsaba, jika 125 a gaban jika 200: giɓin jika 75 kowane wata, jika 900 a shekara. Wannan giɓi shi ne amsar tambayarka ta biyu, kuma ya fi kowane kaso faɗin gaskiya.

Ka kula da wuraren da wannan lissafi ke yaudarar mutum. Bashin banki sai ka tabbatar ya ƙare kafin albashin ƙarshe. In ya rage wata goma sha takwas, jika 45 daga cikin 125 ya wuce sulusi, kuma shi za a fara cirewa. Kuɗin 'yan uwa kuwa mutane kan share shi a takarda suna cewa ai za a gane na yi ritaya. Ba a cika ganewa ba. Wanda ya saba zuwa daga ƙauye lokacin shuka neman kuɗin iri ba zai fasa ba, kai ma ba za ka iya rufe ƙofa ba, don haka ka bar shi a lissafi. In kuma gidan haya kake, ko gidan kamfani, to komai ya sake, domin haya kaɗai na iya cinye rabin fanshon.

Sauran abin da kason maye gurbi ba ya nunawa shi ne lokaci. Hoto ne na wata na farko kawai. Albashi na hawa da ƙarin girma da daɗewa a aiki, fansho kuwa yakan tsaya inda aka ajiye shi sai in hukuma ta yanke shawarar ƙari, kuma ba kowace shekara ake yin haka ba. Ko da tsadar kaya ta tsaya a kashi 3 a shekara, wanda shi ne iyakar da ƙasashen sefa na yammacin Afirka suka sa wa kansu, jika 125 bayan shekara goma za ta sayi abin da jika 93 ke saye yau, bayan shekara ashirin kuma na jika 69. Kuma kwandon mai ritaya ba shi ne kwandon da ake auna tsada da shi ba, nasa ya fi nauyi wajen hatsi da magani. Shi ya sa nake ba da shawarar a auna fansho da buhu. In buhun hatsi jika 25 ne da kaka, fanshonka buhu biyar ne. In ya kai jika 40 a tsakiyar damina kafin sabo ya fito, buhu uku ne da ɗan canji. Mutanen Maradi ba sa bukatar a tuna musu yadda farashi ya yi a 2005, ko lokacin da aka rufe iyaka a 2023, kuma tsofaffin da suka riga suka yi ritaya kafin Janairun 1994 sun ga yadda karya darajar sefa da rabi ta rage musu abin da suke saye alhali lambar da ke takardarsu ba ta motsa ba. Wanda ya fahimci wannan zai sayi hatsin shekara da kaka ya ajiye, in yana da halin yi, domin wannan kaɗai na iya rufe wani yanki na giɓin.

Giɓin jika 75 da me za a cike shi? A nan ma a yi lissafi da tsauri. Kuɗin sallama da kamfani zai ba ka a dunƙule, kada ka kalle shi a matsayin miliyoyi, ka raba shi da giɓin. Miliyan uku a kan jika 75 wata arba'in ne, shekara uku da wata huɗu, in ba a taɓa shi don aure ko gyaran gida ba. Ɗakunan haya ka ƙirga wata goma a shekara, biyun na gyara ne da na ɗan haya da ya makale. Gona ka ƙirga ta da amfanin shekara mara kyau, bayan an cire taki da 'yan ƙwadago, ba da shekarar da aya ko riɗi suka yi albarka ba. In kasuwanci ne da ke bi ta Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina, ribar da ke naira sai ka mai da ita sefa a canji mara daɗi kafin ka rubuta. Taimakon 'ya'ya kuwa ka rubuta abin da suka saba aikowa a shekara biyu da suka wuce, ba abin da kake fata ba. In duk waɗannan suka kai jika 75 har da ɗan rara don tsadar da ke tafe, shirinka ya tsaya da ƙafarsa. In sun tsaya a jika 30, gara ka sani yanzu, kana da albashi goma sha biyu a gabanka da za ka kashe bashi da su ka kuma gyara shekarun da suka ɓace. Dawo da shekara huɗun nan kaɗai sefa 19,200 ne a wata, rubu'in giɓin ke nan.

Ka kuma ware kuɗin wata shida na cefane a gefe kafin ranar, domin tsakanin albashin ƙarshe da fanshon farko akwai tazarar haɗa fayil da tantancewa, kuma ko an biya bashin watannin daga baya, tukunya ba ta jira.

Lissafi na ƙarshe na iyali ne. In mai fansho ya rasu, abin da ke komawa ga matarsa rabin fanshon ne, in kuma mata sun fi ɗaya, rabin nan ake raba musu daidai, marayu ƙanana kuma suna da nasu kason. A misalinmu rabin jika 125 sefa 62,500 ne, mata biyu kowacce ta tashi da sefa 31,250. Wannan ma ba ya fitowa sai auren yana da takarda kuma an kai ta asusu, haka takardun haihuwar yara. In ɗaurin aure ne na masallaci da ba a taɓa kai shi magajin gari ko kotu an yi masa takardar shaida ba, ka sa shi cikin abubuwan da za ka kammala a wannan shekarar, tare da takardar tarihin zubi.